Yadda ake gyara babin sakamakon bincike idan maganganun mutanen da ka yi hira da su sun cinye shafi

Akwai wata tambaya guda ɗaya da sufabaiza kan rubuta da jan biro a gefen babi na huɗu, tambayar da ke hana ɗalibi barci, wato ya ja layi tun daga saman shafi har ƙasa ya ce "ina nazarin?" Kai kuma ka duba ka ga shafi cike yake dam, ka yi hira da mutum goma sha takwas, ka kwana kana sauraron rikodin kana kwafewa, ka jera abin da suka faɗa ɗaya bayan ɗaya, to me kuma ake nema. Abin da ake nema shi ne muryarka. Mutanen da ka yi hira da su shaidu ne, kai ne lauya, kuma ba a taɓa cin shari'a don lauya ya jera shaidu ya koma ya zauna ba. Na sha zama da 'yan masta da masu digiri na uku muna wannan gyaran, kuma hanyar da zan kawo ita ce wadda nake bi kusan kullum.

Misalin da zan yi ta amfani da shi ni na tsara shi, maganganun da ke ciki ma ni na ƙirƙira don koyarwa, saboda hirar ɗalibi amana ce ba a baza ta. A ɗauka wata ɗaliba ta yi hira da mata 18 waɗanda suka je awo amma suka haihu a gida, tana son ta gane dalili.

Kayan da za ka tanada

Babin kansa, amma kwafi. Kafin ka taɓa komai ka yi Save As ka ba shi sabon suna, misali:

```
babi4_gyara_02.docx
```

Sai cikakken rubutun hirarrakin, duka, ba guntayen da ka riga ka tsinto ba. Sai rikodin ɗin idan yana nan. Sai tambayoyin bincikenka a rubuce a takarda ɗaya ka ajiye inda ido zai riƙa kai wa. Sai littafin da ka riƙa rubuta abin da ka lura da shi a fili, idan ka yi irin wannan. Sai biron shafa kala, wato maka, kala biyu, ko kuma abin shafa kala da ke cikin Word. Idan da manhajar nazarin hira irin NVivo ko ATLAS.ti ko MAXQDA ka yi aikin tun farko, buɗe su, za su sauƙaƙa maka nemo magana. In ba ka da su kar ka damu ko kaɗan, akwai Taguette kyauta ce, kuma gaskiya Word da Ctrl+F sun isa wannan aikin. Wanda laftof ɗinsa ba ya riƙe caji ko kuma aro yake yi, ya buga babin a takarda, ya nemi almakashi da gam da faffaɗar tabarma, ni kaina wani lokacin na fi gane abu idan na baza shi a ƙasa.

Ka ware kwana uku zuwa biyar idan babin ya kai shafi 25 zuwa 30. Ba aikin daren difens ba ne.

1. Shafa wa duk maganar da ba taka ba kala, ka karanta abin da ya rage

Bi babin daga farko, duk inda ka ɗauko maganar wani, doguwa ko gajera, shafa mata ruwan ɗorawa. Idan ka gama, a Word za ka iya shiga Advanced Find, ka danna More, sai Format, sai Highlight, sai Find In, sai Main Document, zai zaɓo duk wuraren da ka shafa lokaci ɗaya, adadin kalmominsu ya fito a ƙasan allo. Kwatanta da jimillar babin. Babu wata doka da ta ce ga kason da ya dace, duk wanda ya ce maka akwai to ra'ayinsa ne ko na sashensu, amma ni idan na ga ruwan ɗorawa ya wuce rabi na san akwai aiki a gaba.

Ƙidayar ba ita ce gwajin gaske ba. Gwajin shi ne ka karanta farin kawai, da ƙarfi, kana tsallake duk abin da ka shafa. Yawanci abin da za ka ji shi ne: "Wata daga cikin matan ta ce. Haka kuma wata ta ƙara da cewa. A nata ɓangaren, wata ta bayyana cewa. Wannan ya nuna akwai matsala." Kaga idan aka cire maganganun babu abin da ya rage sai igiyar da aka rataye su. Babin da ya ginu, ko an cire duk maganganun, mai karatu zai iya gaya maka abin da aka gano, sai dai ya ce a kawo masa shaida.

Da kala ta biyu sai ka shafa jimlolin da kawai suke maimaita abin da mai magana ta riga ta faɗa. Ta ce ba ta da kuɗin mota, kai kuma ka biyo baya ka ce wannan ya nuna ba ta da kuɗin mota. Irin waɗannan sun fi yaudarar mutum, don fari ne, kamar naka ne, alhali amsa amo ne kawai.

2. Mayar da kowane kan magana ya zama jimla mai cewa wani abu

Nan ne tushen ciwon, shi ya sa zan daɗe a kai. Yawancin babin da maganganu suka cinye, ba yawan maganganun ba ne matsalarsa ta farko, matsalar ita ce kanun da aka sa ba jigo ba ne, kwando ne. "Matsalar kuɗi." "Halin ma'aikatan asibiti." "Al'ada." "Rawar miji." Kwando ba ya cewa komai, zuba masa kawai ake yi, shi ya sa duk maganar da aka ambaci kuɗi a ciki ta samu wurin zama a ƙarƙashin "matsalar kuɗi" har shafi huɗu. Sau da yawa ma idan ka duba da kyau kanun nan tambayoyin da ka yi a hirar ne suka sake kaya suka dawo.

Virginia Braun da Victoria Clarke, waɗanda maƙalarsu ta 2006 kan nazarin jigo kusan kowane ɗalibi ya ambata a babi na uku, sun yi gargaɗi a kan abu biyun nan tun a wannan maƙalar: mayar da tambayoyin hira su zama jigogi, da jera guntayen magana ba tare da nazari ba. Abin dariyar shi ne za ka ga an ambace su a babi na uku, an zo babi na huɗu an yi daidai abin da suka hana.

Ga yadda nake yi. Ɗauki kan magana ɗaya, rufe laftof, ka ɗauka ƙanwarka ce ta tambaye ka, to Yaya me ka gano game da wannan? Amsa mata da baki, jimla ɗaya ko biyu, sannan ka rubuta abin da ka faɗa. A misalinmu, ɗalibar tana da kai mai suna "Zuwa awo". Da za a matsa mata ta yi bayani da baki, sai ta ce, ai su matan nan ba don su haihu a asibiti suke zuwa awo ba, kati suke so ya kasance a hannunsu saboda in abu ya rikice da daddare a karɓe su ba tare da faɗa ba. To shikenan, ga jigo ya fito: awo kariya ce ta ranar da haihuwa ta zo da gardama, ba alƙawarin haihuwa a asibiti ba. Wannan jimla ce da wani zai iya cewa ban yarda ba, kuma alamar jigo na gaske kenan. Ba wanda zai yi gardama da "Zuwa awo" don ba ta ce komai ba.

Idan ka kasa fitar da jimlar, kar ka tilasta. Ko dai kwandon ya haɗa abu biyu ne da ya kamata a raba, ko kuma babu komai a cikinsa sai bayanin da ya dace ya koma wajen gabatar da mutanen da aka yi hira da su. Kuma za ka iya tarar da kwanduna biyu jigo ɗaya ne. A misalin, abin da ke ƙarƙashin "Halin ma'aikatan asibiti" rabinsa maganar tsoron a kore ki ne idan ba ki da kati, kaga gidansa ɗaya da jigon awo.

Wani sashen sai sun dage a jera babin bisa tambayoyin bincike, tambaya ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Kar ka yi rigima da sufabaiza a kan wannan, bar manyan kanun yadda yake so, ka sa jigoginka masu jimla a matsayin ƙananan kanu a ƙarƙashi.

3. Yi teburi, ka koma asalin hirar

Ga kowane jigo buɗe teburi mai gida huɗu: abin da nake cewa, maganar da na ɗauko, wa ya faɗa, aikin da maganar take yi. Jigo ɗaya yakan rabu zuwa ƙananan maganganu biyu zuwa huɗu. Namu ya rabu uku, na farko kati ne abin nema, na biyu awo yana ba da tabbacin cewa lafiya lau don haka sai a zauna gida da kwanciyar hankali, na uku shawarar tafiya asibiti ana yanke ta ne lokacin naƙuda ba kafin nan ba.

Sai ka kwaso duk ruwan ɗorawan nan ka raba su gida-gida. Gida na huɗu shi ne mai wahala kuma dole ka cike shi da kalmomi kaɗan: tana nuna abin a fili, tana nuna yadda abin ke faruwa, tana kawo kalmar da su matan ke amfani da ita, tana saɓa wa sauran. Duk wadda ka rasa abin rubuta mata sai "tana da daɗi" ko "ita ma ta faɗa", ka san inda za ta.

Gargaɗi babba a nan. Kowace magana da za ta tsira, nemo ta a cikin cikakken rubutun hirar ka karanta abin da ke gabanta da bayanta, musamman tambayar da ta jawo ta. Na taɓa zama da wani ɗalibi da ya gina kusan shafi biyu a kan wata jimla mai zafi, da muka koma rubutun hirar sai muka tarar shi ne ya faɗi maganar a cikin tambayarsa, mutumin kawai ya ce e haka ne ya maimaita. Irin wannan ba shaida ba ce, ka sa wa mutum magana a baki ne. Wani lokacin kuma mai maganar labarin maƙwabciyarta take bayarwa, kai ka yanko ka mayar kamar ita abin ya samu.

In rikodin ya ɓata, ko waya ta lalace, rubutun hirar kawai ya rage, yi aiki da shi. In ma rubutun babu sai abin da ka rubuta da hannu lokacin hirar, to kar ka sa alamar ɗauko magana a kan abin da ba ka da tabbacin haka aka furta shi, ka kawo shi da bakinka ka ce ta bayyana cewa kaza, kuma ka faɗa a babi na uku cewa haka aka yi.

4. Zubar da masu maimaici

Kowace ƙaramar magana, ɗaya ko biyu sun isa. Mata shida sun faɗi abu ɗaya, zaɓi wadda ta fi fito da shi, sauran biyar ka ambace su da jimla ɗaya taka. Na san da ciwo, kowace magana ka tuna ranar da ka same ta da wahalar da ka sha, amma mai karatu bai je ba. Buɗe wani fayil ka riƙa zuba waɗanda ka cire, za su yi amfani ranar difens idan eksitana ya ce ina sauran shaidar, wasu kuma za su iya shiga rataye.

Sai ka ƙirga gida na uku. A kowane bincike akwai mutum biyu ko uku masu iya zance, baki kamar an saka musu batir, kuma ba ka ankara ba za ka tarar rabin babin nasu ne. Idan M04, wato lambar da aka ba ɗaya daga cikin matan a madadin sunanta, ta fito sau goma sha ɗaya, mata bakwai kuma ba a ji su ba ko sau ɗaya, to ba sakamakon mata 18 kake kawowa ba. Ba dole kowa ya fito daidai wa daida ba, amma ka koma wajen masu gajeriyar magana, sau da yawa kalmomi biyar na mai kunya sun fi sakin layin mai surutu nauyi.

5. Sake gina sakin layin

Ga yadda yake kafin gyara:

"Matan sun bayyana ra'ayoyi daban-daban game da awo. M04 ta ce: 'Ni kowane ciki ina zuwa awo, ko sau uku ne, saboda in ba ki da kati ranar da abu ya ɓaci ba wanda zai kalle ki.' Haka kuma M11 ta ce: 'Ana zuwa awo mana, awo yana da kyau.' M07 ta ƙara da cewa: 'Da suka ce min yaro ya kwanta daidai sai hankalina ya kwanta, na ce to me zai kai ni.' Ita ma M15 ta ce: 'Katin yana nan a jaka ko da wani abu.' Wannan ya nuna mata suna zuwa awo saboda dalilai daban-daban."

Duba jimlar farko da ta ƙarshe, duka biyun "daban-daban" suka ce. Duk inda ka ga wannan kalmar a babinka ka tsaya, yawanci wurin da ka gudu daga yin tunani ne.

Tsarin da nake bi ba wani sirri ba ne. Ka fara faɗin abin da ka gano da bakinka. Ka gabatar da mai maganar da ɗan abin da mai karatu ke buƙata ya sani game da ita. Ka kawo maganar. Sannan ka sa yatsa a kan wata kalma ko wani juyi a cikinta ka ce ga abin da ke nan. Sai ka ɗaura da abin da ke biye. Ga shi bayan gyara:

"Ga akasarin matan, zuwa awo da haihuwa a asibiti ba abu ɗaya ba ne, kuma na farkon ba ya kai wa ga na biyun. Abin da suke nema a awo shi ne damar shiga asibiti idan haihuwa ta zo da matsala. M04, wadda ta haifi 'ya'yanta biyar a gida, ta ce tana zuwa a kowane ciki 'ko sau uku ne, saboda in ba ki da kati ranar da abu ya ɓaci ba wanda zai kalle ki.' Ba ta ambaci gwajin jini ko magani ba, kati ta ambata, kuma ta ɗaura amfaninsa da rana ɗaya tak, ranar da abu ya ɓaci. 'Ko sau uku ne' yana nuna tana lissafin mafi ƙarancin zuwan da zai sa a san da ita. M15 ma da wannan ma'anar ta ce katin yana jaka 'ko da wani abu'. Wani abin kuma, sakamako mai kyau a wurin awo yana iya ƙarfafa zaman gida maimakon ya rage shi. M07 ta ce da aka gaya mata yaro ya kwanta daidai, 'sai hankalina ya kwanta, na ce to me zai kai ni.' Ta amince da maganar ma'aikatan, kuma wannan amincewar ce ta zama hujjarta ta ƙin komawa."

Lura da abin da ya faru. M11 ta fita gaba ɗaya, "awo yana da kyau" ba ta ɗauke da komai. M15 ta ragu zuwa kalma huɗu a cikin jimlar marubuciya. M04 da M07 aka zauna a kansu domin kowacce aikinta daban. Kuma jimlar da ke bin maganar ba ta maimaita ta ba, ta nuna abin da aka faɗa da abin da ba a faɗa ba.

Idan ka zauna a gaban magana ka rasa abin cewa, ga tambayoyin da nake yi wa kaina. Wace kalma ta zaɓa alhali akwai wata da za ta iya zaɓa? Me ta ɗauka kowa ya sani har ba ta tsaya bayani ba? Wa ta ɗora wa laifi, wa ta wanke? Ta ce "ni" ko "mu" ko "ana"? Me na zaci za ta ambata ba ta ambata ba? Ɗaya daga ciki takan buɗe ƙofa. In duka sun ƙi, maganar ba ta da wurin zama a nan.

Kuskure biyu. Kar ka rufe sakin layi ko sashe da maganar wani ka wuce, kana ganin ta yi bayanin kanta, ai kai ne ka san abin da ka gani a ciki, mai karatu zai iya ganin wani abu daban. Kar kuma ka bi tsarin nan kamar awon tela har kowane sakin layi ya zama kamar ɗan'uwansa, wani wurin doguwar magana ɗaya ta cancanci rabin shafi, wani wurin guntaye uku a jimla ɗaya sun wadatar.

6. Datsa, da maganar fassara

Doguwar magana ana datse ta, a sa ɗigo uku inda aka cire wani abu, a sa baka mai kusurwa idan ka ƙara kalma don a gane wa ake nufi. Sharaɗin ɗaya ne, kar datsewar ta juya ma'ana. Wadda ta ce "asibiti na da kyau amma ni ba zan koma ba", ka yanke daga "amma", ka yi mata ƙarya. Idan salon APA sashenku ke bi, maganar da ta kai kalma 40 ko fiye ana ware ta ne a matsa ta ciki ba tare da alamar ɗauko magana ba, wadda ba ta kai ba tana zama cikin jimla, kuma maganar mutanen da ka yi hira da su ba ta shiga jerin manazarta.

Yanzu abin da ya fi shafar mu. Hira da Hausa aka yi, kundin kuma da Turanci ake rubutawa, ko da Faransanci ga 'yan Nijar. Nazarinka ka yi shi a kan Hausar, ba a kan fassarar ba. Mace ta ce kunya ce ta hana ta faɗa wa uwar mijinta naƙuda ta fara, ka fassara kunya da kalmar Turancin da ke nufin noƙewa irin ta yaro a gaban baƙo, sannan ka zo ka yi sharhi cewa matan ba su da ƙarfin hali. Ka yi nazarin fassararka kenan, ba maganarta ba. Kunyar da take nufi tarbiyya ce da ake yabon mace da ita, musamman a haihuwar fari, kuma ana auna ta da dauriya. Irin waɗannan kalmomin, kunya, kara, dauriya, haƙuri, bar su da Hausa a cikin fassarar, ka yi bayaninsu sau ɗaya da kyau a inda suka fara fitowa. Idan duk hujjarka a kan kalma ɗaya ta rataya, kawo jimlar Hausar da fassararta tare. Ka kuma nemi wani mai jin harsunan biyu ya duba maka ko da maganganu goma ne.

Kar ka goge maganar ta koma kamar ta malamin jami'a, kar kuma ka bar kowane "eh" da "to" da inda-inda har mutum ya zama abin dariya. Zaɓi mataki ɗaya ka bi shi ga kowa, ka faɗa a babi na uku.

7. Nemo wadda ba ta yarda da kai ba

Da jigo ya yi kyau sai mutum ya fara ɓoye duk abin da ya saɓa masa. Koma hirarrakin ka nemi wadda ba ta shiga ba. A misalinmu, a ce M09 ta je awo da niyyar haihuwa a asibiti, ta haɗa kayanta, naƙuda ta zo ƙarfe biyun dare babu abin hawa. Ita kati ba kariya ba ce a wurinta, shiri ne da ya rushe. Ba ta rusa jigon ba, iyakarsa ta nuna, sai ka rubuta haka, ka kuma duba me ya bambanta ta, ko ta taɓa zubar da jini a haihuwar baya ne, ko ƙanwarta ma'aikaciyar lafiya ce. In ka tarar irin M09 sun kai shida ko bakwai cikin 18, to jimlar jigon ce ke buƙatar gyara, koma mataki na biyu.

Wannan ya kawo mu kan "akasari" da "mafi yawa" da "wasu". Duk inda ka rubuta su, ka tabbata ka ƙirga a teburinka kuma za ka iya faɗin adadin idan an tambaye ka. Za ka iya rubuta 12 cikin 18, babu laifi, amma kar ka mayar da shi kaso cikin ɗari kamar ka yi ƙidayar gari, kuma ka tuna wadda ba ta ambaci abu ba ba lallai ne ba ta yarda da shi ba, wataƙila zancen ne bai biyo ta nan ba.

8. Dubawar ƙarshe

Wanda aka daɗe ana ce wa ina nazari, idan ya fara yakan zarce. Magana ɗaya ta M07 ba ta isa ka ce matan Hausawa haka suke ba, ba ta ma isa ka ce awo ne ke hana haihuwa a asibiti ba. Bi kowace jimla taka ka tambaya, in an ce nuna min, wane layi zan nuna? Wadda babu, ko ka sassauta ta ko ka cire. Kwatanta sakamakonka da binciken wasu da ra'in da ka ɗora aikin a kai, wannan na babi na biyar ne idan sashenku raba su yake yi, amma fassara abin da mutanenka suka faɗa na nan ne, kar wani ya ce maka babi na huɗu jerawa kawai ake yi.

Duba sirri kuma, don gyaran nan yana ƙara bayanin mutane. Ka cire suna amma ka rubuta matar limamin unguwa mai 'ya'ya tara wadda ke sayar da awara, ai kowa a unguwar ya gane ta. Bar abin da hujjar ke buƙata kawai, kamar yawan haihuwa, sauran ka cire. Ka tabbata lambobin sun dace da teburin da ka gabatar da su, M07 ba ta zama mai 'ya'ya uku a shafi na 61 mai biyar a shafi na 70 ba.

Sai ka sake gwajin farko. Shafa kala, karanta farin kawai, wannan karon ba wa wani abokin karatunka da bai san binciken ba ya saurara, in ka gama ka ce ya gaya maka abu uku da ka gano. Inda ya yi shiru ko ya faɗi wani abu daban, wannan sashen za ka koma wa. Idan za ka mayar wa sufabaiza, cire kalolin, ka tura masa tsabtataccen kwafi tare da shafi ɗaya da ke ɗauke da jimlolin jigogin kawai a jere, yawancinsu wannan shafin suke fara karantawa, kuma in yana da ja a kan wani jigo gara ya faɗa tun a nan kafin ka buga kwafi huɗu ka kai baindin.